Mun ba mutum biyu ɗaki ɗaya a satin biki, ku taya ni gyara takardar ban haƙuri

Abban_Walid: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu sana'ar otal da masu iya rubutu ku zo ku taimaka min. Ni ne shugaban risafshon a wani otal a nan Kano, ɗakuna 32 gare mu. Juma'ar da ta wuce mun tafka abin kunya. Dangin wani ango sun kama ɗakuna 14 daga Alhamis zuwa Lahadi, ga kuma baƙin Disamba, otal ya cika maƙil. Sha ɗaya saura na dare sai ga wani bawan Allah daga Jos shi da iyalinsa da yara biyu, ya nuna rasit ɗin taransifa na naira 90,000 kuɗin kwana biyu, tun sati uku baya ya biya. Yaron da ke dutin dare ya duba littafi babu sunansa, ɗakin da aka yi masa alkawari kuma, lamba 9 na ƙasa, kawun ango na ciki yana ta sharar barci. An yi kusan minti 40 ana ja-in-ja, daga ƙarshe mutumin ya kwashi iyalinsa ya tafi. Ni sai da safe na ji. Oga ya ce in rubuta masa takarda, ga abin da na rubuta:

"Zuwa ga kwastomanmu mai daraja. Hukumar wannan otal tana ba da haƙuri bisa duk wani rashin jin daɗi da wataƙila ka samu. Hakan ya faru ne saboda cunkoson biki da kuma sakacin wani ma'aikaci wanda tuni aka hukunta shi. Za mu yi maka rangwamen kashi 20 cikin ɗari idan ka sake zuwa. Mun gode."

Ya yi ko da gyara?

Ummu_Hanan: Kafin a zo maganar gyara, kun mayar masa da kuɗinsa?

Abban_Walid: Tukuna dai Hajiya. Akanta ya ce sai oga ya sa hannu, oga kuma sai gobe zai shigo.

Ummu_Hanan: Innalillahi. Yau Talata fa. Kun hana mutum makwanci, kun riƙe masa 90,000 kwana huɗu, sannan za ku tura masa "wataƙila ka samu rashin jin daɗi"? Wataƙila? Mutum da yara biyu a bakin get cikin sanyin nan na Disamba? Wallahi in ni aka turo wa wannan, hotonta zan ɗauka in watsa duniya ta gani.

Direban_Saminaka: Wanda bai san hanyar ba ba zai gane ba. Daga Jos ka biyo Saminaka ka ratsa dajin Falgore ka fito Tudun Wada, in ka iso Kano da daddare ba abin da kake so irin ka miƙe bayanka. A ce kuma babu ɗaki. Mutumin nan ma mai haƙuri ne da minti 40 kawai ya yi.

Gimbiyar_Zazzau: Kai amma angon nan bai yi sa'a ba, daren farko a ce an ba wani ɗakin amarya 😭 ku dai ku mayar musu da kuɗinsu duka ku ƙara musu da sati guda kyauta

Bash_Kofar_Ruwa: Gimbiya ki sake karantawa, ango da danginsa suna nan ƙalau sun yi barcinsu har da minshari. Wani baƙo daban aka kora.

Gimbiyar_Zazzau: Au, to ai ya fi muni

Tsohon_Otal: Malam Abban Walid, na yi shekara 19 a wannan aikin tsakanin Kaduna da Abuja, na rubuta irin wannan takarda fiye da yadda zan iya tunawa. Kada ka tura wannan. Amma kafin ka sake rubutawa, ka san takamaimai abin da ya faru? Don na ga ka ɗora wa yaron dare, alhali shi abin da ya tarar a littafi ya bi.

Abu iri biyu ne mutane ke haɗawa. Akwai otal ɗin da da gangan yake karɓar bukin, wato kama ɗaki tun kafin a zo, fiye da ɗakunansa, don ya san kullum akwai waɗanda ba sa zuwa, wannan caca ce da manaja ya yi da idonsa biyu. Akwai kuma a sayar da ɗaki ɗaya sau biyu bisa kuskure, saboda ana rubuta bukin a wuri fiye da ɗaya kuma wuraren ba sa magana da juna. Naku na biyun ne nake zato. Yadda za ka gane, ka nemo lokaci uku: ranar da alat ɗin kuɗinsa ya shigo, ranar da wani naku ya ce masa an gani, da ranar da aka rubuta ɗakunan biki a littafi. Ka jera su, za ka ga inda zaren ya tsinke. In ba ka san wannan ba duk abin da ka rubuta masa zai fito kamar kame-kame, kuma baƙo yana jin ƙamshin kame-kame daga nesa.

Abban_Walid: Baba na gode, na je na duba yanzu. Ranar 21 ga Nuwamba ya turo hoton rasit ta WhatsApp ɗin otal, yarinyar dutin rana ta amsa masa "mun gani Alhaji, ɗaki 9 naka ne". To ƙa'idarmu ba a sa suna a babban littafi sai an tabbatar kuɗi ya shiga, alat kuma wayar oga yake zuwa ba wayar risafshon ba. Ta rubuta a 'yar takarda ta maƙala tana jiran oga, oga ya yi tafiya, takardar ta ɓace. Ranar 1 ga Disamba abokin ango ya zo, ni da kaina na buɗe littafi na ga 9 babu kowa na haɗa musu da shi.

Tsohon_Otal: To ka gani. Kwana goma ya riga dangin ango. Kuma hannunka na ciki, hannun oga na ciki. Yaron da kuka hukunta fa, me kuka yi masa?

Abban_Walid: Oga ya ce a cire 10,000 a albashinsa

Hajiya_Mai_Masauki: Haba jama'a. Laifi tudu ne. Wanda alat ke zuwa wayarsa bai tabbatar ba, shi ba a cire masa komai ba sai yaron da ke kwana a zaune. Ni ina da ɗan masauki mai ɗaki 11 a Kaduna kuma irin wannan ta taɓa cin mu, tun daga ranar na sa alat yana zuwa waya biyu, kuma duk wanda ya ce ya biya ana sa sunansa a littafi nan take da fensir, in an tabbatar a bi da biro. Fensir ma ya isa ya hana a sayar da ɗakin.

Batun takarda kuwa ɗana, cire maganar an hukunta ma'aikaci. Mutumin kirki ba ya jin daɗi a ce an yanke wa yaro albashi saboda shi, sai ka ƙara masa nauyi a zuciya. Marar kirki kuma zai ce ashe kun sami wanda za ku laƙa wa. Ko ta ina ba riba.

Bash_Kofar_Ruwa: Matsalar ita ce har yanzu kuna littafi da biro a wannan zamanin. Ku sa manhaja mana, wadda da an kama ɗaki zai rufe a ko'ina har shafukan bukin na intanet. Da kuna da ita da duk wannan bai faru ba.

Tsohon_Otal: Bash rabin gaskiya ka faɗa. Manhajar tana maganin wanda ya yi bukin ta intanet da wanda ya zo da ƙafarsa kada su yi karo. Amma wannan ta WhatsApp ya zo, in yarinyar ba ta shigar ba, kwamfuta ma za ta nuna 9 babu kowa kamar yadda littafi ya nuna. Na ga otal mai manhaja mai tsada da aka yi haka saboda mai otal ya yi wa abokinsa alkawari a waya bai gaya wa kowa ba.

Lauyan_Unguwa: Ni ta ɓangarena zan yi magana. Ka yi hattara da rubuta "laifinmu ne" a takarda mai tambarin otal da sa hannu. Wannan hujja ce ka miƙa masa. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 kuma hukumar FCCPC tana karɓar irin waɗannan koke-koke, ban da kotu. Takardarsa ta farko da kuke zagi, ta wannan fuskar ta fi tsaro.

Ummu_Hanan: Barista wace hujja kuma ta rage? Yana da rasit, yana da saƙon "ɗaki 9 naka ne" a wayarsa. Ai hujja ta gama haɗuwa tun Nuwamba. Abin da zai kai shi hukuma shi ne raini, ba ban haƙuri ba.

Lauyan_Unguwa: Ban ƙi taki ba Hajiya, saƙon nan kam ya ɗaure su. To bari in rage magana: in za a amsa laifi a amsa, amma kada a rubuta "za mu biya duk asarar da ka yi". A faɗi adadi, naira kaza, na kaza da kaza. In ka bar ƙofa a buɗe gobe sai a kawo maka lissafin da ba ka zata ba, har da maganin tarin yaro.

Tsohon_Otal: Wannan ta biyun na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Abban Walid, ina ya kwana daga ƙarshe, nawa ya biya?

Abban_Walid: Mai gadi ya ce ya ji yana waya da wani ɗan'uwansa, daga baya na samu labarin ya sami ɗaki a wani otal wajen Zoo Road a kan 60,000 duk dare, sai wajen ƙarfe ɗaya suka shiga. Kwana biyun ya yi a can. Da motarsa ya zo.

Tsohon_Otal: To mu yi lissafi. 90,000 kuɗinsa ne, mayar da shi ba alheri ba ne, kada ma ka rubuta shi kamar kyauta. A can ya kashe 120,000 maimakon 90,000, wato kun jawo masa ƙarin 30,000. Mafi ƙarancin abin da za a ce an yi adalci 120,000 ke nan, ka ƙara 5,000 na man da ya ƙona yana zaga gari, 125,000.

Amma yadda manyan otal ke yi idan suka rasa ɗakin wanda ya riga ya biya, su ne ke nemo masa wani wurin da ya kai nasu ko ya fi, su biya daren farko gaba ɗaya, su kai shi, washegari in ɗaki ya samu su dawo da shi. In za ka bi wannan, 90,000 nasa, da 60,000 na daren farko, da 15,000 bambancin dare na biyu, da 5,000, ya kama 170,000. Na san oganka zai yi tsalle. Ka kai masa lissafi biyun, ka fara da babban.

Rangwamen kashi 20 kuwa ka manta da shi. Ma'anarsa "kawo mana wasu kuɗin". Kashi 20 na 45,000 naira 9,000 ne, kuma sai ya sake amince muku kafin ya ci moriyarsa.

Malam_Na_Bakin_Kasuwa: Ni dai ina ganin ana zurfafa abin da yawa. Ƙaddara ce, Allah bai nufa ya kwana a ɗakin ba. A kira shi a ce Alhaji a yi haƙuri, Musulmi ne zai haƙura. Mu a kasuwa kullum ana sayar da kaya ɗaya ga mutum biyu a sasanta ba takarda ba komai.

Hajiya_Mai_Masauki: Malam, ƙaddara shi wanda aka yi wa ne zai faɗa da bakinsa, ba wanda ya yi ba. In shi ya ce "ba komai haka Allah ya so" to madalla. In kai ka riga shi faɗa, ka wanke kanka ke nan da ruwan addini. Kuma a kasuwa in an sasanta ai ana mayar da kuɗi a wurin, ba a cewa sai oga ya dawo.

Dan_Maradi_227: A wurinmu takarda ita kaɗai sanyi gare ta, kamar ta gwamnati. In ka ɓata wa babban mutum, ka tashi ka je ko ka aika dattijo. Jos da nisa na sani, amma ko waya maigidan otal ɗin ya kira da bakinsa. Ni an taɓa yi mini haka a Yamai lokacin wani taro, mai wurin da kansa ya ɗauke ni a motarsa ya kai ni wani masauki ya biya, bai rubuta mini ko harafi ɗaya ba kuma har yau can nake sauka.

Tsohon_Otal: Gaskiya ne ɗan Maradi, shi naka an yi maganin abin a daren. Nan an bar shi ya kwana huɗu, shi ya sa ake buƙatar duka ukun kuma a jere: waya, kuɗi, sannan takarda. A wayar ka bar shi ya zazzage duk abin da ke cikinsa kada ka katse shi, a nan za ka ji abin da ya fi yi masa ciwo, sau da yawa ba kuɗin ba ne, wata kalma ce da aka faɗa masa a gaban iyalinsa. Ita za ka taɓo a takardar.

Uwar_Biki_Events: Bari in shigo ta ɓangaren masu biki tunda sana'ata ce. Tambaya ɗaya Abban Walid: ɗakuna 14 ɗin nan duka akwai mutane a ciki daren Juma'ar? Don na san halinmu, ana kama ɗakuna da yawa don kada a ji kunya, sai gwaggo ta ce ita ba ta kwanan otal gidan 'yar'uwarta za ta, abokan ango su ce sai Asabar da safe za su taso don ɗaurin aure. Kusan duk bikin da na shirya sai an sami ɗakin da makullinsa ya kwana a aljihun wani.

Abban_Walid: Anti kin taɓo inda ke min ciwo. Masu shara sun ce 21 da 22 ba a ko yaye zanin gadon ba ranar Asabar da safe. Makullan na wurin abokin ango, shi ya karɓi duka 14 ɗin a dunƙule ranar Alhamis.

Ummu_Hanan: Wato an kori mutum da yara alhali ɗaki biyu na kwana babu kowa 🤦🏽‍♀️

Uwar_Biki_Events: Kun gani ko. Da yaron ya kira abokin ango ya ce a ara mana ɗaya zuwa safe za mu cire muku kuɗinsa, wallahi da wuya ya ƙi, a lokacin ma suna wurin dina ido biyu. Shi ya sa ni kullum nake ba otal jerin sunaye, wane ɗaki kaza, ranar zuwa kaza, kwana uku kafin biki. Ku daina ba mutum ɗaya makullai a leda. Kowa ya zo ya karɓi nasa a risafshon, ta haka kun san wanda ya shiga da wanda bai shiga ba.

Bash_Kofar_Ruwa: Amma fa sun biya kuɗin ɗakunan, ko sun kwana ko ba su kwana ba nasu ne. In yaron ya buɗe ya ba wani sannan baƙonsu ya iso ƙarfe biyu na dare, an sake maimaita abin da ake gudu.

Uwar_Biki_Events: Shi ya sa na ce ya kira ya roƙa, ban ce ya fasa ƙofa ba

Sadiq_Gyadi: Ni tambayata, me ya sa ba a tashi kawun ango ba tunda wancan ya riga biya? Gaskiya ai gaskiya ce.

Hajiya_Mai_Masauki: Ka tashi dattijo daga barci ƙarfe 11 ka ce ya kwashe kayansa? Shi ma ai bai yi laifin komai ba, an ba shi makulli ya shiga. Sai ka mayar da mutum ɗaya mai fushi ya zama dangi guda masu fushi. Wanda ya riga shiga ya shiga. Abin da ya kamata, yaron ya kira Abban Walid a daren, a zaunar da matar da yara a ba su shayi, a bubbuga waya otal-otal. Ni ina da lambar masauki huɗu na kusa da ni manne a bangon risafshon saboda irin wannan daren.

Abban_Walid: Ya ce ya kira ni sau biyu, wayata na caji a falo. Wannan ma nawa ne. To yanzu maganar ɗakuna biyun nan, in sa a takardar?

Lauyan_Unguwa: A'a!

Ummu_Hanan: Karon farko da na yarda da Barista 😂 ba ƙarya za ka yi ba, amma ba kowace gaskiya ce ke warkarwa ba. Wannan gishiri ne a kan ciwo.

Tsohon_Otal: Kada ka sa, amma kuma kada ka rubuta "babu ɗaki ko ɗaya a daren" tunda yanzu ka san ba haka ba ne. Kano ƙarama ce a wajen biki, yana iya haɗuwa da wani daga dangin angon. In ya tambaye ka kai tsaye a waya ka faɗa masa gaskiya.

Gimbiyar_Zazzau: Da Turanci za a rubuta ko da Hausa? Ni ina ganin Turanci ya fi nuna otal ɗin na da aji

Hajiya_Mai_Masauki: Da yaren da ya yi muku magana. In da Hausa ya turo saƙonsa, ku amsa da Hausa. Kuma a sa sunansa, ba "kwastomanmu mai daraja" ba kamar saƙon banki. A ambaci iyali da yara amma da ladabi, "iyalinka" ya isa, kada a shiga siffanta yadda matarsa ta tsaya a waje.

Abban_Walid: Na kira shi da la'asar. Da farko bai ɗauka ba, na biyu ya ɗauka. Baba Tsohon Otal ka yi gaskiya, bai ma tayar da maganar kuɗi ba sai da ni na tayar. Abin da ya tsaya masa shi ne yaron ya ce masa "anya rasit ɗin nan na gaske ne" a gaban matarsa. Ya maimaita min wannan sau uku. Ga sabuwar da na rubuta, sunansa na cire:

"Assalamu alaikum Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan kun koma gida lafiya.

Na rubuto ne in ba ka haƙuri a kan abin da ya faru daren Juma'a 12 ga Disamba. Ka biya kuɗin ɗaki mai lamba 9 tun ranar 21 ga Nuwamba, mun kuma tabbatar maka, amma ka iso da iyalinka cikin dare ka tarar mun ba wani. Kuskuren namu ne. Ba mu shigar da sunanka cikin littafin ɗakuna ba bayan ka biya, ni kuma na ba da ɗakin ba tare da na bincika ba.

Abin da ya fi damuna shi ne an nuna shakka a kan rasit ɗinka. Rasit ɗinka na gaskiya ne, kuɗinka sun shigo tun ranar da ka turo, bai kamata a faɗa maka haka ba balle a gaban iyalinka. Kuma ya kamata mu nemo maka wani masauki da kanmu a daren, ba mu yi ba.

Mun tura maka naira 125,000: kuɗinka 90,000, da 30,000 da ka ƙara a inda ka sauka, da 5,000 na mai. Rasit na haɗe da wannan takarda. Daga yanzu duk wanda ya turo kuɗi ana rubuta sunansa nan take, ba a jiran kowa.

Idan Allah ya sake kawo ka Kano kuma ka ga dama, kwana ɗaya a wurinmu kyauta ne, ka kira ni kai tsaye a wannan lambar. Don Allah ka miƙa ban haƙurinmu ga iyali. Allah ya huci zuciyarka."

Sai sunana da muƙamina a ƙasa.

Ummu_Hanan: Yanzu ka yi magana. Sakin layi na rasit ɗin nan shi ne takardar gaba ɗaya. Amma "mun tura maka" fa, kun tura ɗin?

Abban_Walid: Sai gobe in oga ya shigo. Ba zan aika takardar ba sai alat ya fita.

Tsohon_Otal: Ta yi kyau. Gyara biyu. "Abin da ya fi damuna" ka mayar da shi kan shi, damuwarka ba ita ce magana ba, ka ce "Abin da ya fi muni shi ne". Na biyu, "daga yanzu ana rubuta suna nan take", kun fara ko fata kake? In oga bai amince ba tukuna ka cire. Kuma na lura ka tsaya a 125, ba ka gwada 170 ɗin ba?

Lauyan_Unguwa: Kwana ɗaya kyautan nan a sa masa wa'adi, wata shida ko shekara, kuma a ce ban da lokacin da otal ya cika. In ba haka ba zai zo muku a wani satin bikin a sake kwatawa.

Hajiya_Mai_Masauki: Barista kyauta da sharaɗi biyu ai ta zama talla. A bar ta haka, ya ce ya kira shi kai tsaye, in ya kira sai a tsara rana. Ni abin da zan ƙara, oga ya sa hannu tare da kai, ko shi ma ya kira. Dan Maradi ya faɗa tun ɗazu ba a ɗauka ba.

Malam_Na_Bakin_Kasuwa: 5,000 na mai a rubuce cikin takarda ba zai zama kamar raini ba? Mutumin da ya iya biyan 60,000 a dare. Ni da sai a dunƙule a ce 125,000 kawai.

Sadiq_Gyadi: A'a gara a rarrabe, ya san ba sadaka aka ba shi ba haƙƙinsa ne

Malam_Na_Bakin_Kasuwa: To ai shi ke nan, ni dai na faɗi tawa

Abban_Walid: Labari ya zo 'yan'uwa. Oga ya shigo, na kai masa 170 ya ce ko otal ɗin zan sayar. Mun tsaya a 120,000, ya ce shi ba gidan mai ba ne, don haka layin man ya fita da kansa, Malam Na Bakin Kasuwa ka yi nasara ba da niyya ba. An tura ƙarfe 12, na aika takardar ta WhatsApp da hotonta mai tambari da sa hannuna, oga ya ƙi sa nasa kuma bai kira ba. Maganar fensir ya yarda, alat a waya biyu ya ce zai duba. Alhajin ya buɗe saƙon, bayan kamar awa ɗaya ya rubuto "Na gani. Allah ya kyauta gaba." Iyakarta ke nan.

Ummu_Hanan: Hmm. Wannan "na gani" ɗin bai huce ba.

Dan_Maradi_227: Ya huce rabi. Wanda bai huce ba ba ya addu'a.

Hajiya_Mai_Masauki: 10,000 ɗin yaron fa, an mayar?

Abban_Walid: Oga ya ce na rasit ɗin da ya ƙaryata ne yanzu, ba na littafi ba. An rage zuwa 5,000. Ina kan bin sauran.

Uwar_Biki_Events: Abban Walid duba inbox, ina da biki sati na biyu na Janairu ina neman ɗakuna 8, da jerin sunayena zan zo